Yadda Ake Ɗora Taurarin Mutum a Gidajen Taswirar Abokin Zamansa, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu karatu, daga Samaru har Tudun Wada: idan aka ce Watan miji ya faɗa gida na bakwai na matarsa, ta yaya aka gano, kuma me ake nufi? Masu fannin taurari suna kiran haɗa taswirar haihuwar mutum biyu sinastiri, ɗora taurarin ɗaya a gidajen ɗayan kuma reshe ne daga ciki. Lissafin ba shi da wuya. Inda mutane ke zamewa shi ne lokacin haihuwa, don haka a can zan fi daɗewa. Zan yi aikin da taswirar wata 'yar'uwata da mijinta, da izininsu, ba tare da suna ba, na kuma cire 'yan daƙiƙun lissafi don ya yi sauƙin bi.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: waya mai data, takarda biyu, biro da fensir. Shafuka irin su astro.com suna fitar da taswira kyauta, saboda haka kuɗin da za ka kashe bai wuce na data ba, sai na shagon buga takardu idan kana son ka riƙe ta a hannu.

1. Samo rana, wuri da lokacin haihuwa

Kowane ɗayansu kana bukatar abu uku: ranar haihuwa, garin haihuwa, da ƙarfe nawa. Ka nemi izinin mutum kafin ka karɓi waɗannan. Bin bayan fage a tambayi ƙanwar saurayi lokacin haihuwarsa ba hali ne mai kyau ba.

Ranar da ke kan takarda ba kullum ce ta gaskiya ba. Da yawa cikinmu an rubuta mana 1 ga Janairu ne lokacin shiga makaranta ko rantsuwar shekaru a kotu. Idan da wannan ranar ka yi aiki, taswirar wani ka zana. Idan kuma iyaye sun riƙe ranar da watan Musulunci, misali goma ga azumi, mayar da ita kalandar Bature na iya kaucewa da kwana ɗaya saboda bambancin ganin wata. Ka tambayi ranar mako ma, ita ce za ta raba gardama.

Gargaɗi: a wurinmu dare ne yake riga yini. Idan Inna ta ce “daren Juma'a aka haife ki,” Alhamis da dare take nufi. Wanda ya shigar da Juma'a ƙarfe tara na dare ya yi kuskuren awa 24, kuma Wata yana tafiyar kusan daraja 13 a yini daga cikin 360 na da'irar sama, kusan rabin gida ke nan.

Lokaci kuwa shi ne ƙashin bayan aikin. Gidaje goma sha biyu suna farawa ne daga ɗali'i, wato darajar da take hudowa a gabas daidai lokacin da aka haifi mutum. Ɗali'i yana matsawa kusan daraja ɗaya duk minti huɗu. A Zariya, buruji guda, wato ɗaya daga cikin yankuna goma sha biyu da aka raba da'irar sama, yakan ɗauki tsakanin awa 1 da minti 43 zuwa awa 2 da minti 12 kafin ya gama hudowa. Kuskuren rabin awa ke nan ya kai daraja bakwai ko takwas, na awa biyu kuwa ya canja gidajen gaba ɗaya.

Wanda aka haifa a asibiti ya duba katin haihuwa. Wanda aka haifa a gida a hannun ungozoma, agogonsa shi ne kiran salla. 'Yar'uwata ta zauna gaban mahaifiyarta tana tsince shinkafa, ta ce, “Inna, wai da wane lokaci aka haife ni?” Ta ce, “Ana fitowa daga sallar asuba. Babanki ya shigo da sallama ya tarar da kukanki, gari bai gama wayewa ba.” A tsakiyar Oktoba ne, lokacin da rana ke hudowa wajen 6:18 a Zariya. Sai muka rubuta 5:40, a gefe kuma muka rubuta da fensir cewa abin yana tsakanin 5:25 da 6:00. Kada ka jefar da wannan tazarar, za ta yi maka aiki a mataki na biyar. Mijin kuwa katinsa ya nuna ana kiran magariba aka haife shi, a cikin Janairu.

2. Fitar da taswirar kowa ita kaɗai

Shigar da bayanan mutum na farko, ka adana, sannan na biyu. A astro.com za ka sami zaɓin tsarin gidaje a `Extended Chart Selection`. Wajen gari ka tabbatar an nuna maka Zariya ta Nijeriya, wajen daraja 11 arewa da 7 da 'yan kai gabas, agogo kuma awa ɗaya gaba da na `GMT`. Ba ma canja agogo da rani ko damina a nan. Wanda aka haifa a Makka sai a sa masa Makka, domin agogonsu yana gaba da namu da awa biyu.

Sunayen burujai a allon da Turanci za su fito. Ga su a jere: Hamal `Aries`, Saur `Taurus`, Jauza `Gemini`, Saraɗan `Cancer`, Asad `Leo`, Sumbula `Virgo`, Mizan `Libra`, Akrab `Scorpio`, Ƙaus `Sagittarius`, Jadyi `Capricorn`, Dalwu `Aquarius`, Hut `Pisces`. Ɗali'i shi ne `AC` ko `ASC`.

Kafin ka wuce, yi wannan gwajin, domin shi ne ke kama kuskuren safe da yamma. Duba gidan da Ranar mutum ta faɗa a taswirarsa ta kansa. Wanda aka haifa da asuba, Rana tana ƙarƙashin ƙasa tana shirin hudowa, dole ka same ta a gida na ɗaya. Da hantsi tana na sha biyu ko sha ɗaya. Bayan zawali, wanda a Zariya yake faɗawa tsakanin 12:15 da 12:45 gwargwadon wata, tana na tara. La'asar na takwas, dab da magariba na bakwai, isha'i na shida. Ni kaina na taɓa shigar da bakwai na safe a maimakon bakwai na yamma, na yi wa mutane bayani mai tsawo, sai daga baya na lura Rana tana gabas alhali an ce bayan magariba aka haifi mutumin. Na koma na ba su haƙuri, muka sake daga farko.

A misalinmu gwajin ya yi daidai. Ita ɗali'inta daraja 12 na Mizan, Ranarta 22 na Mizan, cikin gida na ɗaya. Shi ɗali'insa 20 na Saraɗan, Ranarsa 20 na Jadyi, daidai kishiyar ɗali'in, kamar yadda ya kamata ga ɗan magariba.

3. Zaɓi tsarin gidaje ɗaya, ka tsaya a kansa

Tsare-tsaren suna da yawa, uku ne za ka fi cin karo da su. `Placidus` shi ne yawancin shafuka ke fara nunawa, gidajensa ba su daidaita a faɗi ba. `Equal` yana farawa daga darajar ɗali'i ya ba kowane gida daraja 30. `Whole Signs` kuma yana mayar da burujin ɗali'i dukansa gida na ɗaya, na bayansa na biyu, haka har ƙarshe.

Ga mai koyo a nan ƙasar ina ba da shawarar `Equal`. Dalili na farko, kana iya lissafa shi da hannu ka gane abin da kake yi. Na biyu, mu da muke kusa da tsakiyar duniya gidajen `Placidus` ɗinmu ba sa karkacewa sosai kamar na wanda aka haifa a arewacin Turai, don haka tsarin biyu sukan yi kusa da juna.

Gargaɗi: tsari ɗaya za ka sa wa taswirar biyu. Haka nan lissafin burujai iri biyu ne, `Tropical` da `Sidereal` wanda Indiyawa ke bi, tsakaninsu akwai kusan daraja 24. Idan ka fitar da taswirar miji da ɗaya, ta mata da ɗayan, kusan kowane tauraro zai sauka gidan da ba nasa ba.

4. Zana jadawali biyu

A nan ne mutane ke haɗe abu biyu su mayar da shi ɗaya. Taurarinsa a gidajenta daban, taurarinta a gidajensa daban, kuma da wuya su zo iri ɗaya. A saman takarda ta farko rubuta “taurarinsa, gidajenta,” a ta biyu ka juya. Idan ka zaɓi `Synastry` a shafin, zai ɗora da'ira biyu, gidajen da ake gani na mai da'irar ciki ne kawai. Sai ka musanya sunayen ka sake fitarwa kafin ka ga ɗaya ɓangaren.

Rubuta ƙofofin gidajenta. Tun da ɗali'inta 12 na Mizan ne, kowace ƙofa tana kan daraja 12: gida na biyu 12 na Akrab, na uku 12 na Ƙaus, na huɗu 12 na Jadyi, na biyar 12 na Dalwu, na shida 12 na Hut, na bakwai 12 na Hamal, haka dai. Sai ka ɗauko taurarinsa ɗaya bayan ɗaya ka ga tsakanin waɗanne ƙofofi kowanne ya tsaya.

Idan ido ya rikice, koma ga lissafi. Mayar da kowane matsayi lamba daga 0 zuwa 360: Hamal yana farawa a 0, Saur a 30, Jauza a 60, har Hut a 330. Cire ɗali'in mai gida, wato wanda gidajensa kake dubawa, daga tauraron baƙo, wato ɗayan. Idan amsar ta yi ƙasa da sifili ƙara 360. Raba da 30, ka watsar da ragowar, ka ƙara ɗaya.

```
AC = 180 + 12 = 192
290 - 192 = 98     98 / 30 = 3  (+1) = 4
25 - 192 + 360 = 193    193 / 30 = 6  (+1) = 7
```

Layi na biyu Ranarsa ce, 20 na Jadyi, ta faɗa gidanta na huɗu. Na uku Watansa ne, 25 na Hamal, gidanta na bakwai. Sauran sun fito haka: Mirriku `Mars` 2 na Hut a gida na biyar, Zuhalu `Saturn` 28 na Akrab a na biyu, Zara `Venus` kuma, matar wata, tana 9 na Dalwu, ƙarshen gida na huɗu.

A takarda ta biyu ƙofofin mijin duk suna kan daraja 20, daga Saraɗan. Ranarta, 22 na Mizan, ta shiga gidansa na huɗu. Watanta, 3 na Jadyi, na shida. Mirrikunta, 10 na Saraɗan, na sha biyu.

Idan ɗayansu bai san lokacin haihuwarsa ba ko kaɗan, ba a zana masa gidaje. Taurarinsa dai za su iya shiga gidajen wanda ya san nasa, domin ban da Wata ba wanda ke yin nisa a yini ɗaya. Ka sa masa sha biyu na rana, ka tuna Watansa na iya zama daraja shida ko bakwai gaba ko baya. Takarda ɗaya ke nan za ka samu, ka haƙura da ita.

5. Girgiza lokacin ka ga abin da ya tsaya

Yanzu tazarar nan ta fensir. Fitar da taswirarta sau biyu kuma, ɗaya da 5:25, ɗaya da 6:00. Ɗali'in zai koma wajen daraja 8 a ta farko, 17 a ta biyu, duk ƙofofin kuma za su bi shi. Sake duba taurarinsa. Rana a 20 na Jadyi tana gida na huɗu ko ƙofar tana 8 ko tana 17. Wata bai bar na bakwai ba. Mirriku da Zuhalu ba su motsa ba. Waɗannan ka ja musu layi da biro.

Zara ce ba ta da tabbas. Da 5:40 saura mata daraja uku ta kai ƙofar gida na biyar, da 5:25 kuwa ta riga ta shiga. Minti goma sha biyar ne tsakanin “gida na huɗu” da “gida na biyar,” kuma ba wanda ya duba agogo a ɗakin nan ranar. Tsofaffin masu fannin suna da ƙa'idar cewa tauraron da ya rage masa daraja biyar ko ƙasa ya kai ƙofa ana lissafa shi da gidan gaba. Ko da ita, ni fensir nake bar wa irin wannan, in faɗa wa masu taswirar ƙarara cewa wannan bai zauna ba. Haka Ranarta a gidansa na huɗu: daraja biyu kacal ta wuce ƙofa, amma shi lokacinsa daga kati ne, ko da kuma ta ja baya kaɗan ƙa'idar daraja biyar ta maido ta.

Gwaji na biyu, juya tsarin zuwa `Whole Signs` sau ɗaya ka leƙa. Abin da ya zauna gida ɗaya a tsarin biyu, kamar Ranarsa a na huɗu da Watansa a na bakwai, shi za ka fara da shi. Abin da ya sauya, kamar Mirrikunta da ya bar na sha biyu ya koma na ɗaya, ka riƙe shi da sassauci.

6. Karanta: tauraro baƙo ne, gida yana da mai shi

Ƙa'idar karatun ita ce tauraro yana nuna abin da baƙo ya shigo da shi, gida yana nuna ɗakin da ya sauka a rayuwar mai gida. A fahimtar masu fannin, mai gida ne ya fi jin abin, baƙon sau da yawa bai ma san ya taɓa wurin ba.

Rana ana ɗaukarta a matsayin shi kansa mutumin da inda hankalinsa yake, Wata zuciya da sabo, Zara so da abin da ke burge mutum, Mirriku zafi da yunƙuri, Zuhalu nauyi da takura. Gidaje huɗu ake kira turaku, su suka fi ƙarfi: na ɗaya jiki da kamanni, na huɗu gida da asali, na bakwai aure da abokin tarayya, na goma aiki da suna a idon jama'a. Na biyu dukiya ne, na biyar 'ya'ya da nishaɗi, na shida hidimar yau da kullum da lafiya, na takwas dukiyar da aka haɗa da abin da ake tsoro, na sha biyu abin da ke ɓoye.

Kada ka karanta duka. Ɗauki uku ko huɗu da ka ja wa layi. A wurin waɗannan biyun, Ranar kowanne ta faɗa gida na huɗu na ɗayan. Wannan ana karanta shi da cewa kowa yana ganin ɗan'uwansa ta fuskar gida: inda za a zauna, dangi, tarbiyya, zumunci. Irin wannan daidaituwa ba kasafai ake samunta ba.

Watannin ne suka fi ɗaukar hankalina. Nasa yana gidanta na bakwai, wato ita tana jin yanayin zuciyarsa a matsayin lamarin aure kai tsaye: idan ya shigo fuska a ɗaure, sai ta ɗauka tsakaninsu ne. Nata kuma yana gidansa na shida a tsarin da muka zaɓa, wato kulawarta tana isa gare shi ta hanyar hidima, abinci a kan lokaci, magani idan ba lafiya, kaya a goge. Haɗarin da ake faɗa a nan shi ne ya riƙa gode wa aikin ya manta da mai aikin. Da na karanta musu, na mayar da shi tambaya, na ce masa, “Yaya, yaushe rabon da ka tambaye ta yadda take, ba abin da ta dafa ba?” Ya yi shiru yana juya makullin mashin a hannu, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sun yi maganar da suka daɗe ba su yi ba. Na kuma gaya musu cewa a ɗaya tsarin Watan nata yana komawa gidansa na bakwai, don kada su ɗauki maganar kamar hatimi.

Zuhalunsa a gidanta na biyu ana fassara shi da takatsantsan a kan kuɗi, yana iya zama tattali, yana iya zama ƙwauro. Amma Zuhalu yakan yi kusan shekara biyu da rabi a buruji ɗaya, Mushtari `Jupiter` kusan shekara, Yuranus bakwai, Neftun sha huɗu. Duk sa'o'in mijin da aka haifa a watannin nan za su sa Zuhalunsu a gida ɗaya na wannan matar. Saboda haka taurari masu jinkirin tafiya ba su faɗa maka abu na musamman game da wannan mutumin, sai idan sun zauna dab da ɗali'i ko kan Rana ko Watan mai gida, cikin daraja uku ko makamancin haka.

Gargaɗi a kan gida na takwas da na sha biyu: su ne ake tsorata mutane da su. Za ka ji an ce Mirriku a na sha biyu maƙiyi ne na ɓoye. Abin da ya fi dacewa da ƙa'idar shi ne mai gida ba ya gane fushin baƙon da wuri, sai ya taru. Wanda ya ce maka gida kaza alamar mutuwa ce ko saki, sannan ya nemi kuɗin magani ko na karya abin, ka tashi ka bar wurin.

7. Inda za ka tsaya

Matakai biyar na farko lissafin sama ne, kowa ya bi su daidai zai sami amsa ɗaya. Mataki na shida fassara ce ta al'ada, ba a tabbatar da ita da gwajin kimiyya ba. A 2007 David Voas na Jami'ar Manchester ya duba aure kusan miliyan goma daga ƙidayar 2001 ta Ingila da Wels, bai ga alamar burujin Rana yana shafar wanda mutum ya aura ba. Malamanmu kuma sun raba ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da shi, da da'awar cewa taurari suna juya al'amura ko suna bayyana gaibu, wadda suka hana da kakkausar murya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa kafin ya fara, ko ya bar abin.

Don haka idan ka zo rubuta sakamako, kowane layi ka rubuta shi a matsayin tambayar da su biyun za su amsa da bakinsu, kamar “kina jin yana takura miki a kan kuɗi?” Idan suka ce a'a, ka soke layin, kada ka yi ta lanƙwasa maganarsu har ta dace da takarda. Ba a ɗaura aure ko a fasa shi da wannan. Wancan aikin binciken iyaye ne, da istihara, da gwajin jini a asibiti kafin a sa rana. Bayan ka gama, takardun biyu ka miƙa wa masu su, ka goge bayanan haihuwarsu daga wayarka da kuma asusunka na shafin.